Oga na turo saƙo ƙarfe 11 na dare, yaya zan yi da shi?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a nan Kano, shekarata biyu da ɗoriya. Ƙarfe 5 muke tashi, amma manajanmu sai ya turo saƙon WhatsApp ƙarfe 11 ko 12 na dare, in minti goma ta wuce ban amsa ba sai na ga alamar tambaya, da safe kuma ya sha min kunu. Maigidana ya fara magana. Ni kuma ba na son rasa aikin nan. Ku ba ni shawara."

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni aikina kula da harkokin ma'aikata a kamfanoni masu zaman kansu, kuma irin wannan ƙorafin na zuwa teburina sosai, daga mata da maza. Abin da zan fara ce miki shi ne kada ki je wurin oga da maganar "ka daina turo min saƙo da daddare". Wannan faɗan ba ki da nasara a cikinsa, don wayarsa ce, datarsa ce, kuma zai ce miki ai shi ma aiki yake ba wasa ba. Abin da za ki iya ci shi ne yarjejeniya a kan abu biyu, wane irin al'amari ne ake kira gaggawa a aikinku, da kuma ta wace hanya zai same ki idan gaggawar ta taso. In kin samu wannan, to ya turo saƙo ko ƙarfe 2 na dare ne, ke kina barcinki, amsa sai da safe.

Me yake nema da daddaren?

Kafin ki yi magana da kowa, ki buɗe hirarku ki koma baya kamar sati biyu ko uku, ki ɗauki biro da takarda ki rubuta duk saƙon da ya shigo bayan isha'i, ranar, lokacin, me ya tambaya, sannan a gefe ki rubuta abin da zai lalace da a ce sai ƙarfe 8 na safe kika amsa. Wannan layin na ƙarshe shi ne duk maganar. Ba wai don ki kai shi ƙara ba ne, don ke kanki ki gane da wa kike hulɗa.

Akwai wata baiwar Allah da na zauna da ita a kan irin wannan, ita ma akanta ce a wani kamfanin da tirelolinsu ke tasowa daga Legas da kaya. Da muka baje saƙonnin, yawancinsu irin su "ki tuna min gobe maganar dilan nan na Singa", "nawa ne ragowar bashin wane", "kin turo rahoton sati?" Babu ɗaya a cikin waɗannan da dare zai ɓata. Mutumin kawai yana zaune ne bayan ya gama da iyalinsa, abu ya faɗo masa, yana tsoron kada ya manta, sai ya juye shi a wayarta, wato ya mayar da ita littafin ajiyarsa. Sai wasu kaɗan da idan ka duba lokacinsu za ka ga mai kamfanin ne ya kira shi da daddaren ya tambaye shi wani lissafi, shi kuma bai da shi a ka, sai ya gangaro da wutar kanta. Na gaske guda ɗaya ne tak a cikin tarin, mota ta lalace a hanya wajen Mokwa, direba na buƙatar a tura masa kuɗin gyara a daren, kuma ita ce mai shigar da biyan a manhajar banki kafin oga ya amince. Wannan kam gaggawa ce, babu mai musu, kaya na miliyoyi a gefen titi cikin dare.

Kin ga kowanne da maganinsa. Mai juye tunani ba amsa yake so ba, so yake hankalinsa ya kwanta cewa abin ya shiga hannun wani. Wanda mai kamfani ya matsa wa lissafi yake so a kusa da shi. Mai motar da ta lalace ne kaɗai yake buƙatarki a farke. Alamar tambayar nan da yake turowa bayan minti goma kuma, gaskiya sau da yawa mu ma'aikata mu muka koya masa ita. Farkon zuwa aiki mutum na son ya nuna ƙwazo, saƙo ya shigo ƙarfe 11 ya amsa cikin minti ɗaya, a haka har shekara biyu, toh oga ya saba, sabo kuwa turken wawa. Ranar da kika yi jinkiri sai ya ga kamar wani abu ya canza, ko kin fara raina shi ne.

Akwai kashi na huɗu, shi ne ogan da yake gwada ikonsa kawai, yana jin daɗin ya ga ko yaushe ya taɓa ki kin motsa. Za ki gane shi da cewa in kin amsa da sauri ba ya ma buɗe amsar sai washegari. Zan dawo kansa.

Doka ta ce me?

Mutane na yawan tambayata wannan, to bari in faɗa miki yadda take ba tare da na ɗaga miki rai ba. Najeriya ba ta da dokar da ta ba ma'aikaci haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki. Faransa ta fara aiki da irin wannan a 2017, inda kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye sai ya zauna da wakilan ma'aikatansa sun tsara yadda za a yi da saƙonnin bayan aiki. Fotugal ta yi tata a 2021. Ostareliya ta fara a watan Agusta 2024, kuma a can ɗin ma abin da aka ba ma'aikaci shi ne damar ƙin amsawa matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba, ba a hana oga turowa ba. Ki lura, ko a ƙasashen da suka yi dokar sun bar ƙofa a buɗe saboda larura, shi ya sa na ce miki ainihin maganar ita ce a fayyace mece ce larurar.

A nan gida abin da muke da shi Dokar Ƙwadago ce, tsohuwa tun shekarun 1970. Sashe na 13 ya ce lokutan aiki su ne waɗanda aka yi yarjejeniya a kansu, abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, wato obataim, kuma a cikin kowane kwana bakwai akwai hutun kwana ɗaya, awa 24 a jere. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Amma ga inda gizo ke saƙar, sashe na 91 da ya fassara wane ne "ma'aikaci" ya cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, kuma mai riƙe da lissafin kamfani irinki na iya faɗawa cikin waɗanda aka cire. Saboda haka makaminki na gaske shi ne takardar ɗaukar aikinki da littafin dokokin ma'aikata in kamfanin na da shi. Ki nemo su yau ki karanta. Ki duba an rubuta 8 zuwa 5 ɗin ko da baki aka faɗa, ki duba ko akwai layin nan da kamfanoni ke son sakawa na cewa za a iya buƙatarki bayan lokacin aiki idan buƙata ta taso, da kuma ko an ambaci wani alawus a kai. Ni ba lauya ba ce, in abin ya kai ga kora ko rage albashi to wannan zancen lauya ne da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano. Amma ba na ba ki shawarar ki shiga ofishin oga kina ambaton sashe kaza, ranar za ki zama abokiyar gaba. Ki san su ne kawai don ki san inda ƙafarki take.

Yadda za ki yi maganar

Ido da ido, da rana, ba a WhatsApp ba, ba a gurup ba, kuma ba safiyar da ya sha kunu ba. Ki nemi ranar da aiki ya tafi daidai, misali bayan kin miƙa rahoton ƙarshen wata ya karɓa babu gyara, ki ce yallaɓai ina neman minti biyar. Kada ki fara da kanki, ki fara da aikinsa. Ga kusan yadda waccan baiwar Allah ta faɗa, mun tsara shi tare:

"Yallaɓai, na lura wasu lokutan kana nemana da daddare ba na gani da wuri, kuma ba na so ranar da abu mai muhimmanci zai taso ya zama ina barci. Shi ne na ce ko za mu yi haka, idan mota ce ta lalace ko biyan da ba zai kai safe ba, ka kira ni kai tsaye a layina, na saita wayar kiranka zai shigo ko ƙarfe nawa ne. Sauran kuma ka ci gaba da turowa yadda ka saba, duk abin da na tarar zan amsa kafin 8 da rabi na safe in sha Allah. Sannan kullum kafin in tashi zan turo maka lissafin ranar, saboda ko Alhaji mai kamfani ya tambaye ka da daddare yana hannunka."

Ki duba da kyau, babu inda ta ce masa ya yi laifi, babu inda ta hana shi komai, abu uku ta ba shi, ta karɓi ɗaya. Kuma dalilin da ya sa kira ya fi saƙo shi ne kira na da nauyi. Mutumin da zai turo saƙo goma ƙarfe 12 ba tare da ya ji komai ba, kafin ya danna kiran matar aure a wannan lokacin sai ya tambayi kansa ko abin ya kai. Shi da kansa zai riƙa tacewa, ba sai kin tace masa ba.

Lissafin yamman nan kada ki raina shi, shi ya kashe mata fiye da rabin matsalar. Ba wani dogon rahoto ba ne, layi biyar ko shida ne wajen 5 saura kwata: kuɗin da ya shigo yau, abin da aka biya, ragowar da ke kowane asusu, manyan diloli uku ko huɗu da ake bi bashi da nawa-nawa, sai abin da ke jiran sa hannunsa gobe. Ki koma takardar da kika rubuta ki ga tambayoyin da yake maimaitawa, su za ki zuba a ciki. Idan kullum bashin wane yake tambaya, to bashin wane ya zama layi na dindindin.

Bayan kun gama magana, da kin koma teburinki ki tura masa ɗan gajeren saƙo, ta imel in kuna amfani da shi, in ba haka ba ta WhatsApp ɗin, na gode yallaɓai, kamar yadda muka yi, gaggawa kira, sauran kafin 8 da rabi, lissafi kafin tashi. Ba sai ya amsa da dogon bayani ba, ko "ok" ya rubuta ya isa, ki ajiye.

Wani abu da nake so ki kiyaye, kada ki ce masa maigidana ne ya hana. Na san shi ne mafi sauƙin faɗa kuma a Kano yawancin ogogi za su ja baya nan take, amma yana da farashi. Daga ranar an sa miki alamar wadda gida ke riƙe da ita, in maganar ƙarin girma ta taso ko zuwa kwas Abuja sai ki ji an ce ai wance mijinta ba zai bari ba, ba tare da an ma tambaye ki ba. Na sha zama a ɗakin da ake irin wannan maganar. Kuma kin mayar da matsalar tsarin aiki ta zama matsalar aurenki, abokin aikinki namiji da shi ma ake tasa ƙarfe 12 bai amfana da komai ba. Shi maigidan kuwa haƙƙinsa ne ya san me ake ciki, ki nuna masa saƙonnin da idonsa, ki faɗa masa tsarin da kika yi da oga, ya san cewa in waya ta yi ƙara cikin dare to mota ce ta tsaya a hanya. Amma don Allah kada ki bari ya kira ogan da kansa, ban taɓa ganin inda hakan ya ƙare lafiya ba.

Saitin waya

Wannan ba shi ne maganin ba, taimako ne kawai, kuma sai bayan kun yi magana. In kika fara da ɓoye kanki kafin magana zai lura, kuma fassarar da zai yi ba mai kyau ba ce. A WhatsApp ki shiga Settings, sai Privacy, nan za ki ga Last seen and online da Read receipts. Na farkon shi ya fi muhimmanci, don abin da ya fi ƙona ran oga shi ne ya gan ki a kan layi ƙarfe 11 kina hira da 'yan uwanki shi kuma kin bar nasa. Ki sani in kin kashe Read receipts ke ma ba za ki ga ko an karanta naki ba, kuma a gurup ba ya aiki, can ana ganin wanda ya karanta ko ya kashe. Sai Do Not Disturb na wayar kanta, ki sa masa lokaci, misali 9 da rabi na dare zuwa asuba, ki zaɓi waɗanda kiransu zai ratsa, iyaye, maigida, da lambar oga. Ki sa ɗaya daga cikin waɗanda kika zaɓa ya gwada kiranki ki tabbatar yana shigowa, don kin yi alkawari, ranar da ya kira da gaske bai same ki ba yarjejeniyar ta rushe kuma laifin naki ne. In da hali layin aiki daban a wata 'yar waya ya fi duk wannan sauƙi.

Satin farko

Zai gwada, ba lallai da mugunta ba, hannu ne ya saba. Saƙo zai shigo 11 da kwata, sai alamar tambayar. A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, sai ka ji an ce ai ɗan abu ne, minti ɗaya ne, bari in amsa kawai. In kika amsa a daren kin nuna masa maganar da kuka yi ba ta da nauyi. Ki bar shi. Da safe kafin lokacin da kika ɗauka ki ba shi cikakkiyar amsa, da lambobin da takardar da duk abin da zai iya tambaya a gaba, kuma kada ki buɗe da "yi haƙuri ban gani ba", ba ki yi laifi ba, kuma in kin gani ɗin ƙarya ce. Barka da safiya yallaɓai, ga abin da ka nema, shikenan. In ya sha kunu ki gaishe shi yadda kika saba ki ci gaba da aikinki, fushin kwana biyu ba kora ba ne.

In kuma ya kira a kan abin da bai kai ba, ki ɗauka tunda kin ce za ki ɗauka, ki saurara, ki ce toh yallaɓai wannan sai na buɗe kwamfuta, da safe shi zan fara yi. Galibi gaskiya ce ma, lissafin yana ofis.

Ki kuma yi adalci, aikin kuɗi na da lokutansa. Kwana biyu ukun rufe lissafin wata, ko lokacin da masu binciken kuɗi suka zo, ko gab da azumi da salla da kayan masarufi ke gudu, ke da kanki ki ce masa wannan satin ina nan har 10. Wadda ta bayar da lokacinta a sa'ad da ake buƙata ta fi ƙarfin cewa a'a sauran ranakun. In kuma kiran gaggawar na gaske ya yi yawa, kusan kowane sati mota na tsayawa, to ba matsalarki ke kaɗai ba ce, aikin ne ke buƙatar mai jiran dare, sai a kawo shawarar karɓa-karɓa tsakaninku 'yan sashen, ko a ware wani ɗan kuɗi a hannun mai kula da motoci da zai iya kashewa ba sai an tashe ki ba, ya kawo rasit da safe.

Inda wannan ba ya aiki

Ogan nan mai gwada iko zai ce toh a gabanki ya ci gaba yadda yake, ko ma ya ƙara. In wata guda ya wuce babu canji, ko ya ba ki kwiri, wato takardar neman bahasi, a kan rashin amsa saƙon dare, ki amsa kwirin a rubuce cikin lokacin da aka ba ki, a taƙaice ba zafi, ki ambaci lokacin aikin da ke takardarki, ranar da kuka yi yarjejeniya, da lokacin da kika amsa saƙon da safe, ki haɗa da hoton hirar. Daga nan ne takardar da kika rubuta tun farko za ta yi amfani a wurin masu kula da ma'aikata. Sai dai in faɗa miki gaskiya, a kamfanonin gida da yawa mai kula da ma'aikatan ba shi da ƙarfin taka wa manaja burki, wani lokacin ma manajan ɗan uwan mai kamfanin ne, a irin wannan wurin wani dattijo a ofis da ogan ke jin nauyinsa ya fi takarda tasiri. In duk an yi ba ta canza ba, ki fara neman wani wurin a hankali kina kan aikinki, kada ki ajiye kafin ki samu, kuma ki duba notis nawa takardarki ta ce ki bayar.

Sai abu ɗaya da ban gani a tambayarki ba amma dole in taɓa. Idan a cikin saƙonnin daren akwai waɗanda ba na aiki ba, irin su kin yi barci ne, me kike yi yanzu, hotonki ya yi kyau, to duk abin da na faɗa a sama ba nasa ba ne. Wannan ba a yin yarjejeniyar kira da shi. Kada ki goge komai, ki duba ko an kunna Disappearing messages a hirar ki kashe, ki ɗauki hoton saƙonnin da kwanan wata a jiki ki tura wani wuri da ba wayar ba, ki amsa sau ɗaya a rubuce cewa maganar aiki kaɗai kike so a layin nan, sannan ki sanar da wani babba a kamfanin tun kafin shi ya riga ki kai labari.